Inda Waƙafi Ke Zama Idan Taurarin Labari Suna Magana

Mai koyon rubuta labari yakan yi tuntuɓe a wurin da maganar tauraro ta haɗu da bayanin marubuci. Duba wannan:

"Ina kuɗin cefanen?" in ji Ladi.

"Na ba Audu tun da safe," Malam Sani ya ce, "ki tambaye shi."

Ladi ta juya ta ce, "Kai Audu, zo nan!"

A layi na farko, alamar tambaya tana cikin baka biyu, domin tambayar ta Ladi ce. Ba a ƙara mata waƙafi, kuma "in ji" da ƙaramin baƙi yake farawa, tunda jimlar ba ta ƙare ba.

Layi na biyu ya fi wuya. An katse maganar Malam Sani a tsakiya, shi ya sa waƙafi ya zo sau biyu, kuma "ki" ta ci gaba da ƙaramin baƙi. Da a ce sabuwar jimla ya fara, sai a ɗiga aya bayan "ya ce", a rubuta "Ki".

Duk sanda bakin mai magana ya canza, buɗe sabon sakin layi. In ka cusa su wuri ɗaya, mai karatu zai rasa wa ke tambaya, wa ke amsawa.