Baƙo a Mile 12: yadda ɗan ci-rani ke samun abokin farko a Legas

Da an gama girbi a Arewa, tirelolin da ke ɗaukar tumatir, attaruhu da albasa zuwa Kudu ba kaya kaɗai suke ɗauka ba. A can saman lodi akwai samari 'yan ci-rani, kowa da ledar tufafinsa. Tafiyar ta kai wajen kilomita 1,000 daga Kano, kuma da yawansu a kasuwar Mile 12 ake sauke su, kan hanyar Ikorodu.

A ɗauki ɗaya daga cikinsu, saurayi ɗan wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya sauka da asuba, jiki duk ƙura. Lambar ɗan garinsu da aka rubuta masa a takarda ya kira har ya gaji, a kashe take. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ko'ina Hausa yake ji, daga dillalai har 'yan dako, amma babu mai ce masa sannu. A ƙauyensu baƙo ba ya wuce ƙofar gida biyu ba a tambaye shi wurin wa ya zo ba. A nan kuwa kowa ta kansa yake yi, wanda ya tsaya kallo baro ya buge shi.

Ya kwana a bakin wata rumfa, takalminsa a ƙarƙashin kai.

Washegari bayan sallar isha'i ya raɓa teburin mai shayi, ya sayi ruwan bunu, ko burodi bai iya haɗawa ba. Na kusa da shi a benci, wani ɗan dako da ya ɗan girme shi, ya saurari yadda yake magana, sai ya juyo.

"Malam, kai Bakatsine ne ko? Wane gari?"

Da ya faɗa, ashe kasuwar mako ɗaya suke ci a gida. Ɗan dakon ya yago rabin burodinsa ya tura masa, ya ce, "Ci, ƙanena. Gobe kar ka yi nisa da ni."

Wanda bai san ci-rani ba zai ɗauka hira kawai aka samu. Alhali a irin wannan kasuwa, abokin farko shi ne mai tsaya wa baƙo. Dillali ba zai ɗora kwandon tumatir a kan wanda bai sani ba, mai baro ba zai ba shi haya ba, sai wani ya ce, "Yarona ne, in ya ɓata a kama ni." Abokin ne ya kai shi gaban maigidansa, ya nema masa gefen tabarma a inda suke kwana, ya nuna masa banɗakin kuɗi da wurin mai abinci mai araha. Ya koya masa gaisuwar Yarbanci da 'yan kalmomin ciniki, ya kuma gargaɗe shi kada ya yi sa-in-sa da 'yan tasha. Kuɗin yini kuwa ajiya ake ba mai shayi, domin mai barci a fili ba ya kwana da kuɗi a aljihu.

Wannan tsari ya girme su duka. Tun zamanin fataucin goro da shanu, baƙo kan sauka wurin fatoma, wanda ke ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki. Da haka unguwanni irin su Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da zangon Agege suka bunƙasa. Yau fatoman ɗan ci-rani sau da yawa tsaransa ne.

Sai dai ba kowane mai fara'a ne aboki ba. Akwai mai tarar baƙo tun a bakin mota, ya ce a kawo kuɗi ya samo aikin gadi, daga nan ba a ƙara ganinsa. Akwai mai tura shi haya da babur ba tare da ya gaya masa cewa gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida tun Yunin 2022 ba, ta kuma ƙara huɗu a Satumba, har da Kosofe inda Mile 12 take. Rana ɗaya za a kama babur, bashi ya hau kan yaro.

Gane na ƙwarai ba wuya. Yana da sana'ar da ake gani, mai shayi da limamin kasuwa sun san sunansa da garinsu, kuma cikin jama'a yake shigar da baƙo, ba ya jan shi gefe. Saurayin Katsinan ya dace da irin wannan, kafin mako ya zagayo ya fara dako.

Iyaye masu sallamar yara zuwa Legas, lambar waya ɗaya ba ta isa guzuri ba. Ku yi magana da wanda zai tarbe shi tun kafin ya hau mota, ku haɗa masa da sunan maigidan mutumin da layin da yake zama a kasuwa.