Takardar Neman Kujerar Shugaban Makaranta

Malamin da ya shekara 15 yana koyar da lissafi, idan ya zo neman muƙamin mataimakin shugaban makaranta, yakan cika takardarsa da labarin aji. Nan ne kuskuren yake. Masu tantancewa sun riga sun ga shekarunsa da shaidar rajistarsa ta TRCN a takardar tarihin aiki da ya haɗo. Tambayarsu ita ce: zai iya riƙe manya, abokan aikinsa na jiya?

Saboda haka, bayan ya ambaci muƙamin da inda ya ga sanarwar, sai ya ɗauko aiki guda da ya taɓa jagoranta ya baje shi. A ce shi ya tsara jadawalin darussa a zangon da malaman kimiyya biyu suka bar aiki. Ya faɗi yadda ya raba darussansu, wanda ya ƙi karɓa, yadda ya shawo kansa, da abin da ya faru da ajin da ke shirin jarrabawar WAEC. Wannan ya fi "ni mutum ne mai haƙuri da riƙon amana" nauyi, don kowa haka yake rubutawa.

Kada ya soki shugaban da yake ƙarƙashinsa, domin sau da yawa shi za a tuntuɓa. Shafi ɗaya ya isa.