Tarin da Maganin Hawan Jini Ke Kawowa, da Kumburin da Ba Ya Jira

Daga cikin magungunan da likitoci ke rubuta wa masu hawan jini, da masu ciwon zuciya, da masu ciwon sukarin da ya fara taɓa ƙoda, akwai dangi biyu da mutane ke ɗauka abu guda ne, alhali kuwa tsakaninsu akwai bambancin da saninsa kan raba mutum da wahalar watanni, wani lokaci ma ya tsamo shi daga halaka. Dangi na farko su ne irin su kaftofiril da enalafiril da lisinofiril, waɗanda in ka duba kwalinsu za ka ga sunan ya ƙare da haruffan pril; na biyu kuwa su ne losatan da balsatan da 'yan'uwansu, masu ƙarewa da sartan.

Asalin mas'alar yana cikin wata hikima da Allah ya shirya a jikin ɗan Adam. Idan ƙoda ta ji jinin da ke isowa gare ta ya yi ƙaranci, sai ta saki wani sinadari da ake kira renin, wanda ke yanka wani furotin da hanta ke yi, ya fitar da anjiyotensin na ɗaya. Shi wannan ba shi da wani kataɓus, har sai ya gamu da sinadarin ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya mayar da shi anjiyotensin na biyu; to shi ne mai matse jijiyoyin jini, mai sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, har awon jini ya hau. Dangin pril suna ɗaure ACE ne, don kada a samar da anjiyotensin na biyun. Dangin sartan kuwa ba ruwansu da ACE, suna barinsa ya yi aikinsa, sai su je su toshe gurbin da anjiyotensin na biyu ke sauka a jikin jijiya.

Da a ce aikin ACE ke nan kurum, da babu wata magana. Amma misalinsa kamar maƙeri ne da ke ƙera mabuɗi, kuma shi ne ke share gida. Wanda ya sallame shi ya hana ƙira, ya kuma bar shara ta taru, amma wanda ya toshe ramin kwado ya hana buɗe ƙofa, shara kuwa ana ci gaba da kwashe ta. Sharar nan ita ce biradikinin, sinadarin da ke buɗa jijiyoyin jini, ya sa bangonsu ya riƙa tsattsafo da ruwa, ya kuma tsokani jijiyoyin ji. Abin mamaki, ta nan ilmin ya faro: a 1965 wani masani ɗan Barazil, Sérgio Ferreira, ya bayyana cewa a dafin wani maciji na ƙasarsu akwai abin da ke ƙarfafa aikin biradikinin, kuma bin wannan sawu ne ya haifar da kaftofiril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Losatan bai fito ba sai a 1995.

Idan biradikinin ya taru a maƙogwaro da hanyoyin numfashi, sai ya yi ta sosa jijiyoyin da ke tayar da tari, mutum ya riƙa jin ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero ya maƙale masa, yana ta busasshen tari ba kaki, ba zazzaɓi. Wannan kan sami kimanin mutum ɗaya cikin goma, ya kuma fi yawa ga mata. A ɗauki misalin mace mai shekara hamsin da aka ɗora a kan lisinofiril miligiram 10 kullum. Bayan mako uku sai tari ya kama ta, ya hana ta barci; da yake lokacin hunturu ne sai a ce ƙura ce, ta sha zuma da citta, ta sha maganin tari na kemis kwalba bayan kwalba, har a ƙara mata da kafso, duk a banza, domin sababin yana cikin ƙwayar da take haɗiya kowace safiya. Tarin da ya wuce mako biyu wajibi ne a auna shi saboda tarin fuka, wannan ba a wasa da shi a ƙasarmu. Amma in kaki da hoton ƙirji sun fito lafiya, babu rama, babu gumin dare, to likita kan janye lisinofiril ya ba ta losatan miligiram 50, ya auna ƙodarta da sinadarin fotashiyam bayan mako ɗaya ko biyu. Galibi tarin kan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, ko da yake yakan kai wata uku ga wasu. Sauya mata da enalafiril ba shi da fa'ida, tunda illar ta dangin ce baki ɗaya.

Tari dai takura ce. Abin tsoro shi ne kumburi. Biradikinin ɗin nan, idan ya sa ruwa ya tsattsafo ƙarƙashin fata, sai leɓe ko harshe ko fuska ko maƙogwaro su kumbura cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa ɓangare guda ya fi ɗaya, kuma babu ƙaiƙayi, babu ƙuraje irin na borin jini. Bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, sai dai baƙar fata sun fi Turawa haɗarinsa ninki uku ko fiye, wanda yana daga dalilan da suka sa hukumar NICE ta Ingila ta fifita dangin sartan ga 'yan asalin Afirka. Abin da ke ruɗar mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne yana iya zuwa bayan an shekara biyu ko uku ana shan maganin lami lafiya, sai a ɗora laifin a kan kifi ko cizon ƙwaro ko sammu. Wani lokaci a hanji yake faruwa, ya zo da murɗar ciki da amai. Kuma da yake ba irin kumburin borin jini ba ne, firiton da makamantansa ba su cika yin tasiri a kansa ba. Abin da ke ceton rai shi ne a kai mutum inda za a iya buɗe masa hanyar numfashi in ta toshe. Saboda haka duk wanda harshensa ya yi nauyi, ko muryarsa ta shaƙe, ko yawu ya gagare shi haɗiya, kada a ce bari gari ya waye.

Wanda kumburin ya taɓa kamawa, ko da ɗan leɓe ne ya sace da kansa, dangin pril sun haramta gare shi har abada. Dangin sartan haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai, amma ba a ce babu ba, don haka likita ne zai yanke hukunci, ba mai kemis ba.

Kada kuma a zaci sartan ba su da aibi. Duka dangin biyu suna cutar da ɗan tayi, mai ciki ba ta shan su. Duka suna iya tara fotashiyam, su taɓa ƙoda, musamman in an haɗa su da ibufurofen ko dikulofenak, ko ana fama da gudawa da amai. Ba a kuma shan su tare.

Ya kai mai karatu, duba kwalin maganinka da na iyayenka. In ka ga pril, ga kuma tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada ka yar da maganin ka zauna haka nan, domin jinin zai koma ya hau. Ɗauki kwalin ka kai wa likita, ka gaya masa ranar da ka fara sha da ranar da tarin ya soma.