Hana banki cire kuɗi ba ya soke inshorar mota

'Yan uwanmu da ke zuwa Birtaniya karatu ko aiki sukan saba da inshorar mota irin ta gida Najeriya, wadda ake biya sau ɗaya a shekara a karɓi takarda. A can kuwa mutane da yawa suna biya wata-wata, sai su ɗauka cewa ranar da suka ga dama za su umarci banki ya daina cire kuɗin, shi ke nan an rabu. Daga nan ake shiga rigima.

Galibi abin da ake kira inshorar wata-wata yarjejeniya ce ta shekara guda cur. Kamfanin, ko wani mai ba da bashi, shi ya biya maka kuɗin shekarar, kai kuma kana biyan bashin kaɗan-kaɗan da ruwa a kai. Idan ka tsayar da biyan ta banki, inshorar ba ta soku ba, kai ne ka zama wanda ya ƙi biyan bashi. Kamfanin zai aiko da gargaɗi, yawanci na kwana 7, sannan ya soke da kansa. Wannan sokewar ta fi ciwo, domin sababbin kamfanoni sukan tambaya ko an taɓa soke maka inshora, kuma idan ka ce e, farashi ya tashi, wasu ma su ƙi ka. Idan ka ɓoye kuma, ranar da ka nemi diyya za su iya hana ka.

Hanyar da ta dace ita ce ka sanar da kamfanin kai tsaye, ka faɗi rana da lokacin da kake so inshorar ta ƙare, ka nemi a tabbatar maka a rubuce. Sai bayan an gama lissafi ka taɓa banki.

Dokar Birtaniya ta bai wa mai sayen inshorar mota kwana 14 na sake shawara, ana ƙirgawa daga ranar da aka ƙulla yarjejeniyar ko ranar da takardu suka iso hannunsa, duk wadda ta zo daga baya. Ga inshorar rai kwana 30 ne. Amma kada a zaci fita kyauta ce: ana cire kuɗin kwanakin da motar ta yi cikin kariya, wasu kamfanonin kuma su ƙara ɗan ladan aiki.

Bayan kwana 14 lissafi ya canza. A ce inshorar shekara fam 960 ce, da ruwa ta zama fam 1,056, wato fam 88 kowane wata. Mutum ya yi wata 4, ya biya fam 352, sai ya sayar da motar. Kariyar da ya ci ta fam 320 ce, ruwan wata 4 fam 32, a ce kuɗin sokewa a takardarsa fam 50. Jimilla fam 402. Ba a mayar masa da ko sisi ba, shi ake bi fam 50. Idan kuma a cikin watannin nan ya buge wani har kamfanin ya biya diyya, yawanci sai ya cika kuɗin shekarar gaba ɗaya, wato kusan fam 640 na motar da ba ta hannunsa. Akwai kuma rangwamen da ake yi wa direban da ya kammala shekara bai nemi diyya ba. Wanda ya soke a wata na 11 ya yi asarar shekarar nan. A ganina, wanda ya rage masa wata ɗaya ko biyu gara ya haƙura ya ƙarasa.

Sai batun giɓi tsakanin tsohuwar inshora da sabuwa. Tun 2011, duk motar da ke da rajista da sunanka dole ta kasance da inshora ko da tana ajiye, sai dai idan ka sanar da hukumar DVLA cewa ka cire ta daga titi, abin da ake kira SORN. Ana haɗa bayanan rajista da na kamfanonin inshora, don haka ba sai ɗan sanda ya tare ka ba, wasiƙa ce za ta zo gida, tarar fam 100 ta biyo baya. Tuƙi babu inshora kuwa tarar fam 300 ce da maki 6 a lasisi, ana kuma iya kwace motar. Wanda bai cika shekara 2 da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 ɗin sun isa a janye lasisinsa.

Saboda haka a fara sayen sabuwar, a duba rana da ƙarfen da za ta soma aiki a jikin takardar, sannan a sa tsohuwar ta ƙare daidai lokacin. Idan tsohuwar ta mutu ƙarfe 12 na daren Juma'a, sabuwar kuma sai Litinin, fita kasuwa ranar Asabar tuƙi ne babu inshora.