Ciyawa Huɗu, Makiyaya Biyu: Yadda Ake Auna Bambancin Tsirrai

Makiyaya biyu za su iya ɗauke da nau'in ciyawa iri ɗaya, amma ɗaya ta ƙosar da garke, ɗayar kuwa tafasa ta cinye ta. Shi ya sa masana muhalli ke yin tambaya biyu: nau'i nawa ne a wurin, kuma yaya suka raba filin a tsakaninsu?

Ana fara aikin da kwadirat, wato firam mai kusurwa huɗu, galibi mita ɗaya tsawo da faɗi. Akan aza shi a wuraren da ƙuri'a ta nuna, a ƙirga kowane tsiro da ke ciki, a rubuta nau'insa.

A matsayin misali, mu ce an aza shi sau 10 a kowace makiyaya, aka sami tsirrai 100 a kowacce. A ta farko akwai kyasuwa 30, harkiya 30, ƙarangiya 20, tafasa 20. A ta biyu tafasa 85 ce, sauran ukun kuwa biyar-biyar. Ta fuskar yawan nau'i sun yi kunnen doki, huɗu da huɗu.

Ma'aunin da Edward Simpson ya fitar a 1949 shi ke raba gardama:

D = Σ n(n−1) / N(N−1)

A nan n adadin kowane nau'i ne, N kuma jimillar duka. A makiyaya ta farko, 30 sau 29 ya ba da 870, 20 sau 19 ya ba da 380. Kowanne sau biyu ya zo, don haka jimilla 2,500. A raba da 9,900, wato 100 sau 99, a sami 0.25. A ta biyu, tafasa kaɗai ta ba da 7,140, sauran suka ƙara 60, aka raba 7,200 da 9,900 aka sami 0.73.

An saba cire D daga 1, don lamba ta riƙa hawa tare da bambanci. Ta farko ta tashi da 0.75, ta biyu 0.27. Ma'anarsa, in ka rufe ido ka tsinko tsirrai biyu a ta farko, sau uku cikin huɗu za su bambanta. A ta biyu, kusan sau ɗaya ne kacal. Da nau'o'in huɗu sun raba daidai, 25 kowanne, da lambar ta tsaya a 0.76, to ka ga ta farko ta kusa ƙurewa wajen daidaito.

Sai dai a yi hattara. Ƙara yawan kwadirat yakan tono sababbin nau'o'i, don haka ba a kwatanta wurin da aka auna sau 10 da wanda aka auna sau 50. Ƙidayar watan Agusta ba ta haɗuwa da ta rani. Ma'aunin kuma bai san ciyawa mai amfani ba: da kyasuwa ce ta kai 85, amsar dai 0.27 ce. Dole a riƙa karanta lambar tare da jerin sunayen tsirran.