Kafin bidiyon talla ya hau: saƙon da ke raba gardama

Idan kana kallon YouTube ka ga an rubuta “Includes paid promotion” a kusurwar allo a farkon bidiyo, ka san akwai kamfanin da ya biya kuɗi aka ambaci kayansa. Abin da mai kallo ba ya gani shi ne saƙon imel ɗin da mai tashar ya aika wa kamfanin tun kwanaki kafin nan, inda ya shimfiɗa abu uku: taken bidiyon, bayanin da za a rubuta a ƙarƙashinsa, da hashtag ɗin da za a liƙa. Rigimar da ke tashi tsakanin masu tasha da masu ɗaukar nauyi, sau da yawa daga nan take samo asali, saboda an rubuta “zan sa sunanku a bayani” maimakon a rubuta ainihin kalmomin da za su fito.

A ce wata mai tashar girki a Kano ta yi ciniki da wani kamfani mai sayar da ƙaramin injin markaɗe. Azumi ya ƙarato, za ta nuna yadda ake kunun gyaɗa da injin. An gama maganar kuɗi, an ɗauki bidiyo, saura a ɗora.

A kan take ake fara ja-in-ja. Kamfani yana son sunansa a gaba, tun da shi ya biya. Ita kuwa ta san ba mai buɗe waya don neman sunan kamfani. Matar da ke son dama kunu, kunu za ta rubuta. YouTube yana barin take ya kai haruffa 100, amma a allon waya ana datse mai tsawo, ƙarshensa ya ɓace. Don haka sai ta rubuta musu: “Taken da nake so shi ne, Kunun gyaɗa cikin minti 15, ba sai an je inji ba.” Bai cika haruffa 50 ba, sunan abincin ne a gaba, kuma amfanin kayan kamfanin yana ciki ko da ba a kira sunansa ba. Ta ƙara take na biyu mai ɗauke da sunan injin a ƙarshe, ta faɗi wanda ta fi so da dalilinta. Biyu sun isa. Wanda ya jera wa kamfani take goma ya ce su zaɓa, ya miƙa musu aikin da shi ya fi su iyawa. Dabara ce kuma ta nemi izini tun yanzu cewa idan kwana biyu suka wuce mutane ba sa shiga, za ta iya sauya taken, domin YouTube ya yarda a gyara take bayan an ɗora, amma kamfanin da ba a gaya masa ba zai ɗauka an karya alkawari.

Bayani shi ne inda aikin yake. Filinsa yana ɗaukar haruffa 5,000, sai dai layuka kaɗan na sama kawai ake gani, sauran sai mutum ya latsa ya buɗe, kuma ba kowa ke latsawa ba. Waɗannan layukan farko su ne shagon bakin titi, abu biyu ne kuma ke neman gurbi a cikinsu: adireshin shafin kamfani, da sanarwar cewa wannan talla ce. Kamfani zai so adireshinsa a sama, sanarwar kuwa a tura ta can ƙasa. Mai hankali ba ta yarda.

An taɓa yin wannan, kuma bai yi kyau ba. A shekarar 2016 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin Warner Bros. kan tallan wasan kwamfuta mai suna Middle-earth: Shadow of Mordor. Kamfanin ya biya fitattun masu tashoshi, har da PewDiePie, su yaba wasan, ya kuma umarce su da su sa sanarwar biyan a cikin bayani, inda a yawancin bidiyoyin ba a ganinta sai an latsa “Show More”. Hukumar ta ce hakan bai wadatar ba, aka ƙare da sulhu da sharaɗin kamfanin ba zai sake ba. A Najeriya kuma dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da ita, kuma hukumar ta ce ta kafafen sada zumunta ma tana ciki. Ya kamata saƙon ya tambayi kamfani kai tsaye: wa zai nemo wannan izini, wa zai biya kuɗinsa?

Saboda haka mai girkinmu za ta kwafe musu bayanin yadda zai fito. Layin farko ya ce bidiyon nan talla ce, kamfani kaza ne ya ɗauki nauyinsa, da Hausa, tun da da Hausa take magana da masu kallonta. Layi na biyu adireshin sayen injin, tare da lambar rangwame idan akwai, da ranar da rangwamen zai ƙare. Daga nan sai kayan haɗin kunu da awonsu. Ta kuma shaida musu za ta latsa akwatin tallan da aka biya a YouTube Studio, wanda shi ke fito da rubutun nan na kusurwar allo, za ta kuma faɗa da bakinta a farkon bidiyon.

Adireshin kansa yana da wutsiya da kamfani ke gane masu zuwa daga wurinta da ita, kamar haka:

```
https://example.com/inji?utm_source=youtube&utm_campaign=azumi
```

Idan wutsiyar ta guntule wurin kwafa, shafin zai buɗe lafiya lau, mutane su yi sayayya, amma lissafin kamfani ba zai danganta cinikin da wannan tallar ba. Sai a ce mata bidiyonta bai kawo kowa ba. Maganinsa ta roƙi kamfani ya aiko adireshin da kansa, ta ɗora bidiyon a matsayin Unlisted, wanda sai mai adireshinsa ke gani, su latsa su tabbatar ya shiga lissafinsu kafin a buɗe wa jama'a. Idan kuwa gajeren bidiyo ne na Shorts, ta gaya musu tun da wuri cewa tun 2023 adireshin da aka sa a bayaninsa ba ya latsuwa.

Hashtag ne kamfanoni suka fi ɗokinsa, shi ne kuma mafi ƙarancin nauyi a cikin ukun. Uku kacal YouTube ke nunawa a kusa da take, kuma idan suka haura 60 sai ya yi watsi da su gaba ɗaya. Ita uku za ta rubuta: #kunungyada, #girkinhausa, da na kamfanin. Ta cire lanƙwasar ɗ da gangan, domin da yawa daga cikinmu da d zalla muke rubutu a waya, kuma yana da kyau ta bayyana hakan kada su zaci kuskure ne. Za ta iya ƙara #talla, amma ba ya maye gurbin sanarwar layin farko.

A ƙasan saƙon sai ranar ɗorawa da sa'a, da ranar ƙarshe ta karɓar gyara, da adadin gyaran da ta yarda da shi, a ce sau ɗaya. Idan amsa ta zo ta kiran waya, “ai ba komai, Hajiya, ki ɗora kawai”, ta yi godiya, sannan ta nemi a rubuto mata hakan a ƙarƙashin saƙon nata kafin ta latsa Publish.