Mutum dubu ɗari sun gani, nawa suka ji saƙon?

Duk damina, ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida a jihohi irin su Kano, Katsina, Jigawa da Sakkwato suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari a 2012. Kowane wata kwana uku ake sha: ranar farko a gaban ma'aikaci, rana ta biyu da ta uku kuma uwa ce ke bayarwa a gida. A nan aka fi samun giɓi, don haka ƙungiyoyi kan shirya bidiyo na tunatarwa. Idan aiki ya ƙare, sai a rubuta wa waɗanda suka ba da kuɗi rahoto.

Mu ƙaddara bidiyon minti uku ne, an ɗora shi a Facebook, bayanin rana ta biyu da ta uku kuma yana zuwa a minti na biyu. Mu ce shafin ya nuna Reach 100,000. Ma'anarsa bidiyon ya gifta a gaban mutum dubu ɗari, ko sun tsaya ko sun wuce. Impressions kan fi haka yawa, domin ana sake ƙirga mutum ɗaya duk lokacin da bidiyon ya bayyana masa. Akwai kuma ma'aunin kallon daƙiƙa uku, wanda bai kai a gama sallama ba. A ce wannan 40,000 ne, waɗanda suka kai minti na biyu 5,000, waɗanda suka ƙure shi 3,000.

Mai rubuta rahoto zai so ya sa dubu ɗarin nan a shafin farko. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya bar mai karatu ya zaci dubu ɗari sun ji saƙon, alhali dubu biyar ne kawai suka iso inda saƙon yake. A ganina wannan lamba ce ya kamata ta fara zuwa. Ko kason waɗanda suka kammala ma sai an faɗi da me aka auna shi: 3,000 cikin 40,000 kashi 7.5 ne cikin ɗari, cikin 100,000 kuwa kashi 3. A kuma raba kallon da aka biya kuɗin talla aka samu da wanda mutane suka yaɗa don kansu, a nuna garuruwan masu kallo. Idan rabinsu suna Legas da Abuja, ba iyayen da ake rabon maganin a ƙauyukansu ba ne.

Gaskiyar tana da ɗaya gefen. Bidiyon da aka tura ta WhatsApp ko Xender, ko wanda masu tura fina-finai suka zuba wa mutane a waya, babu mai iya ƙirga shi. Waya ɗaya kuma matan gida huɗu kan kewaye ta. A rubuta cewa wannan ya faru kuma ba a auna shi ba, kada a ƙirƙiro masa lamba.

Sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne tambayoyin jama'a, ga shi kuma ya fi kowanne amfani. A tattara su daga wuraren da aka haska bidiyon da saƙonnin da aka turo, a karkasa su, a cire sunaye da lambobin waya. Wata uwa za ta ce, “Idan ya amayar fa?” Ƙa'ida ita ce idan yaro ya yi amai cikin minti 30 da shan maganin, a sanar da ma'aikaci a sake ba shi sau ɗaya. Wata za ta ce yaronta lafiyarsa lau, me ya sa zai sha magani? Wata kuma nata yana zazzaɓi amma an hana shi, ba ta san cewa irin wannan yaro gwaji da maganin warkarwa yake buƙata a asibiti ba. Idan tambayar amai ta yi ta maimaituwa, bidiyon bai amsa ta ba ke nan, kuma rahoto ya faɗi haka ƙarara.

Haka ma tambayoyin zargi, irin su ko maganin yana hana haihuwa. Wanda ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 ya san ɓoye irin wannan magana ba ya kashe ta. A rubuta sau nawa ta taso, a ina, wa ya amsa, da me ya amsa, da waɗanda har yanzu ba a amsa ba.

Kallo kuma ba shan magani ba ne. Sai an bi gidaje an tambayi iyaye, an duba katin yaro da fankon maganin, kafin a ce an sha na rana ta uku. Idan ba a yi wannan bincike ba, rahoto ya tsaya a kan kallo, ya nemi kuɗin binciken a zagaye na gaba, tare da na sake tsara bidiyon don saƙon kwana ukun ya zo a daƙiƙu goma sha biyar na farko.